Hular Safiya: gajeren labari da gyaran masu saƙa

Rukayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na rubuta wani gajeren labari a kan kaka da jikarta da saƙar kwarashi. Abin da ya dame ni shi ne, duk labarin da na karanta aka ce wata tana saƙa, ba a taɓa faɗin me take yi da hannunta ba. Ni so nake wadda ta iya saƙa ta karanta ta ce haka ake yi. Don Allah masu hannu ku duba mini ƙirgen, kada ku ji nauyina. Ga shi:

Idon Kaka ya daina ganin zare tun shekara biyu da suka wuce, amma kwandon saƙarta yana nan a gefen gado, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa shi. Ranar da ta ce wa Safiya ta ɗauko shi, sai da yarinyar ta sake tambaya ko ta ji daidai.

"Ɗauko mana. Ki zo nan in auna kanki."

Kaka ta warware farin zaren auduga, siriri, lamba 10, ta zagaya shi a kan Safiya ta saman kunnuwa da tsakiyar goshi. Inda bakin ya haɗu ta danne da farce, ta ja baya da faɗin yatsu biyu, ta tsinke. Sannan ta ninka guntun gida uku ta miƙa mata.

"Wannan shi ne faɗin saman hularki. Ki ajiye shi, kada ya ɓace."

Suka fara da sarƙa huɗu, aka haɗa bakinta ta zama ɗan zobe. Kaka ta ɗora hannunta a kan na Safiya. Sarƙa uku don hawa sama. Sai dogo: a naɗa zare sau ɗaya a kan kwarashi, a soka cikin zoben, a ɗauko zare.

"Nawa ne a kan kwarashinki?"

"Uku."

"Naɗa, ki fitar ta biyu. Sake naɗawa, ki fitar ta biyun da suka rage. To, kin yi dogo ɗaya. Ki yi goma sha ɗaya, sarƙar nan uku ita ce ta cikon sha biyu."

Safiya ta yi su, wasu a matse, wasu a sake. Ta rufe zagayen a kan sarƙa ta uku. A zagaye na biyu Kaka ta ce ta sa dogaye biyu a kowane ido, suka zama ashirin da huɗu. Daga nan barci ya ɗauke tsohuwar a zaune, kanta jingine da bango.

Safiya ba ta tashe ta ba. Ta ga ai ta gane abin. Ta sa biyu a kowane ido, ta zagayo, ta sake sa biyu a kowane ido. Hannunta ya fara sauri, har tana yi ba ta kallon kwarashin. Da Kaka ta farka, ta ɗora mata saƙar a tafin hannu tana murmushi.

Kaka ta shimfiɗa ta a gwiwa ta danna da tafi. Ta danne nan, can ya tashi. Gefen ya yi tattara kamar bakin siket.

"Biyu-biyu kika yi ta sawa."

"Haka kika ce."

"A zagaye na biyu na ce. Kowane zagaye sha biyu kawai yake ƙaruwa. Na uku, ɗaya a ido na farko, biyu a na gaba. Na huɗu, ɗaya, ɗaya, biyu. Ke kin ba shi abin da ba shi da wurin ajiyewa. Zare kwarashin ki ja."

Safiya ta ja zaren. Aikin yini ya riƙa warwarewa yana taruwa a cinyarta a murɗe. Ba ta yi kuka ba sai da ta kai zagaye na biyu. Kaka ba ta ce mata komai ba, ta lalubi zaren tana naɗe shi a kan dunƙulen a hankali, har sai da kukan ya tsaya.

Kwana uku suka yi a kan saman hular. Talatin da shida, arba'in da takwas, sittin. Kowane zagaye Kaka takan shimfiɗa shi a gwiwa, yana kwance lafiya kamar faifai. A zagaye na takwas Safiya ta ɗora ninkakken zaren nan a kai, ya tafi daga baki zuwa baki.

"Ƙirga," in ji Kaka. "Casa'in da shida za ki samu."

Safiya ta ƙirga sau biyu. Muryarta ta yi ƙasa. "Casa'in da bakwai."

Kaka ta karɓa. Ta bi layin da sarƙoƙin hawa suka jeru da babban yatsanta, ta tsaya a zagaye na shida. "Ga shi nan. Kin soka a wurin da kika rufe zagaye, kin ɗauka ido ne."

Safiya ta riga ta kama kwarashin za ta zare. Kaka ta riƙe mata hannu.

"Bar shi. Za mu ɓoye shi a ƙeya."

Daga nan ba a ƙara ko ɗaya. Gajere, wanda ba a naɗa zare kafin a soka, a ido ɗaya, a tsallake biyu, dogaye biyar a rami guda su buɗe kamar mafici, a tsallake biyu, gajere. Mafici goma sha shida suka zagaye, a na ƙarshe Safiya ta tsallake uku maimakon biyu. Zagaye na gaba shi ne mai huji: gajere a kan dogon tsakiyar mafici, sarƙa biyu, dogo a cikin kwarin da ke tsakanin mafici biyu, sarƙa biyu.

"Kaka, bai lanƙwasa ba. Har yanzu faifai ne."

"Ci gaba."

Sai a zagaye na uku gefen ya fara sunkuyowa. Safiya ta kifa shi a kan dunƙulen hannunta, ta ga ya zauna.

Ranar da ta gama, ta zagaye bakin da gajeru, bayan kowane huɗu ta yi sarƙa uku ta mayar da ita gindinta, ɗan tsiron da Kaka ke kira kunnen ɓera. Ta sa hular ta durƙusa a gabanta. Kaka ta bi ta da yatsu daga tsakiyar kai zuwa goshi, ta zagayo ƙeya, ta tsaya daidai wurin da aka tsallake uku. Ta ɗan jima a nan, sannan ta gyara wa Safiya hular ta rufe saman kunnenta.

Nan labarin ya tsaya.

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam. Kai Rukayya, kin taɓa mini zuciya. Wurin naɗe zaren nan da tsohuwar ta yi shiru, haka tawa take yi. Ƙirgenki daidai ne, sha biyu-sha biyu ake tafiya, ba ya canjawa. Kuma ninka zare gida uku gaskiya ne, zagayen kai ninki uku ne na faɗin saman hula cif. Ni ban ga abin gyara ba.

Anti Hajara:
Rukayya 'yata, sannu da ƙoƙari. Na karanta sau biyu, na biyun da kwarashi a hannuna. Yadda kika faɗi dogo daidai ne, maficin daidai ne, zagaye mai hujin ma ya cika shida: gajere ɗaya, sarƙa biyu, dogo ɗaya, sarƙa biyu. Amma akwai matsala babba guda ɗaya, kuma a farkon labarin take. Zaren.

Kin ce lamba 10. Wannan zaren na saƙar shimfiɗar tebur ne da bakin mayafi, da ƙaramin kwarashin ƙarfe ake saƙa shi, milimita 1.5 zuwa 1.75. Dogo ɗaya a cikinsa tsayinsa bai wuce rabin santimita da ɗan kaɗan ba. In kika yi zagaye takwas da shi, faɗin da za ki samu wajen santimita 10 ne. Yarinyar da ta isa riƙe kwarashi ta yi mafici, zagayen kanta ya kai santimita 52 ko kusa da haka, saman hularta yana son santimita 16. To kin ga hular da Safiya ta saƙa a labarinki ta 'yar tsana ce, ba za ta zauna a kanta ba.

Ƙirgen da kika bayar, zagaye takwas da ido 96, na zaren auduga ne mai ɗan kauri, wanda ake yi da kwarashi milimita 3. Shi dogonsa yana kai santimita ɗaya. Zagaye takwas, santimita takwas daga tsakiya zuwa baki, sha shida daga baki zuwa baki. Nan ne lissafinki yake zama.

Rukayya:
Anti, na gode ƙwarai. Na ga inda abin ya fito. Hular da na saƙa ina ƙirgawa don labarin, da kwarashi milimita 3 na yi ta. Amma da na zo rubutu, zaren da ke cikin kwandon kakata na tuna, siririn nan fari, shi na sa. Yanzu wanne ya fi, in canja zaren ko in canja ƙirgen? Raina ya fi son siririn, shi ya fi kama da Kakar da nake gani.

Anti Hajara:
Canja zaren. In kika bar siririn, sai kin kai zagaye 13 ko 14 kafin ki sami faɗin, ido ya haura 150. Yarinyar da yau ta fara riƙe kwarashi ba za ta yi wannan cikin kwana uku ba, kuma ba wanda ke fara koyarwa da wannan zaren, don mai koyo ba ta ganin idon da za ta soka. Kaka irin wadda kika zana ta san haka. Kina iya barin siririn a kwandon, yarinyar ta miƙa hannu gare shi, tsohuwar ta ce ba yanzu ba.

Maman Sadik, sha biyun nan ma ba doka ba ce. Ya fito ne daga cewa dogo tsayinsa ya kusa ninka faɗinsa biyu. Mai jan dogonta ya yi tsawo, ko mai aiki da siririn zare, sau da yawa sha biyu ba ya isar ta, sai saƙar ta fara kwano. Irinsu da 14 ko 16 suke farawa. Abin dubawa shi ne gwiwar Kaka: in ya kwanta, ƙarin ya yi daidai; in ya yi tattara, ya yi yawa; in ya yi kwano, ya yi kaɗan.

Ummi:
Salam. Ni ban karanta duka ba tukuna, amma ina da injin saƙa na gida. A wane lamba zan sa shi ya fitar da maficin nan? Ina son in yi wa 'yata.

Maman Sadik:
Ummi, ba na inji ba ne wannan. Injinki irin saƙar allura biyu yake yi, idanu da yawa a buɗe a jere. Kwarashi ido ɗaya ne a hannunki, sai kin gama shi ki wuce na gaba. Injin zai ba ki mai huji irin nasa, amma ba wannan ba.

Anti Hajara, na yarda da maganar zaren, ban lura da lambar ba. Amma ninki uku fa? Ni shekara da shekaru haka nake yi, ban taɓa ɗaukar tef ba.

Anti Hajara:
Yana aiki, amma ba don uku cif ba ne. Uku ne da ɗan ɗoriya, 3.14. Duba kan Safiya. In kika ninka zaren santimita 52 gida uku yadda yake, za ki sami 17 da ɗan kai. Da'ira mai wannan faɗin zagayenta ya haura 54, hular ta fi kan girma, ga shi saƙa mai huji tana ƙara buɗewa in an sa ta. Za ta riƙa zamowa kan ido. Yanzu duba abin da Kaka ta yi a labarin: ta rage faɗin yatsu biyu, wajen santimita 3, kafin ta ninka. Saura 49, gida uku 16 da ɗan kai, zagayensa 51 da ɗan kai. Ya gaza kan da ƙanƙani, abin da ake so ke nan don ta kama. Wannan yatsu biyun shi ne ya fi burge ni a labarin gaba ɗaya. Ke ma ina jin kina ragewa ba ki sani ba, ko kina tsayawa kafin saƙar ta cike zaren.

Maman Sadik:
To ban sani ba ko ina ragewa. Abin da na sani da ulu nake yi, kuma nakan ja zaren sosai in ina aunawa. Wataƙila shi ya sa.

Zulai:
Ni kuma tattarar Safiya ta tuna mini da nawa, amma nawa akasin haka ne. Na samo wani tsari a waya, ya ce a fara da `6 dc` a cikin zobe, a riƙa ƙara shida kowane zagaye. Na yi dogaye shida. Kafin zagaye na uku abin ya tsuke ya miƙe kamar kan safa. Na warware na sake ya fi sau huɗu, na canja kwarashi, na sassauta hannu, duk ɗaya. Daga ƙarshe na jefa shi cikin jaka, yana nan har yau. Me na yi ba daidai ba?

Anti Hajara:
Zulai, hannunki lafiya lau. Tsarin na Birtaniya ne kika karanta shi da karatun Amurka. Abin da Amurkawa ke rubutawa `dc` shi ne dogon Kaka. A wurin mutanen Birtaniya `dc` gajere ne, dogon kuma `tr` suke rubuta shi. Gajere ne ake ƙara masa shida a zagaye, don tsayinsa da faɗinsa kusan ɗaya ne. Ke kin yi dogo da ƙarin gajere, rabin abin da yake bukata kika ba shi, dole ya tsuke. Hanya mafi sauƙi ta ganewa: duba ko akwai `sc` a cikin tsarin. In akwai, na Amurka ne, don na Birtaniya ba su da shi. Ɗauko jakar ki sake da gajere, za ki ga ya kwanta.

Zulai:
Allah ya saka da alheri Anti. Na koma na duba yanzu, babu `sc` ko ɗaya, `dc` ne da `tr` daga sama har ƙasa. Shekara guda ina ganin laifin hannuna.

Malam Bashir:
Ni ban san kwarashi ba, labari ne ya kawo ni. Malama Rukayya, ina da magana a kan casa'in da bakwai ɗin nan. Kin nuna mana tsohuwa mai tsanani, ta sa yarinya ta warware aikin yini har ta yi kuka. Bayan kwana uku kuma ga kuskure, ta gano inda yake, ta ce a bar shi. Ba ki gaya mana dalili ba. A ganina halinta ya karye a nan. Ko dai ta sa a warware duka biyun, ko ki ba ta jimla ɗaya da za ta bayyana abin da ya sa.

Rukayya:
Malam, na rubuta jimlar na goge ta. Na ji kamar Kaka ta koma mai wa'azi. Ina fata mai karatu zai ga bambancin da kansa.

Maman Sadik:
Ni ina bayan Malam Bashir, amma ta wata fuskar. Zagaye uku ne kawai za a warware, daga na takwas zuwa na shida. Mai koyo in ka bar ta ta ɓoye kuskure tun ranar farko, ta saba ke nan. Kuma wannan kuskuren na sokawa a wurin rufewa ba ya zuwa sau ɗaya. Wadda ta yi shi a zagaye ɗaya za ta yi ta yin sa, yau ɗaya, gobe biyar. Da ni ce kakar, sai ta warware ta ga idon ƙaryar da idonta.

Anti Hajara:
Malam, ga mai saƙa halin bai karye ba, don kurakuran ba ɗaya ba ne. Na farkon ba shi da magani. A zagaye na huɗu ya kamata a sami 48, yarinyar tana da 96, ninki biyu. Ba guga, ba wanki, ba dabarar da za ta kwantar da wannan. Na biyun ido ɗaya ne cikin kusan ɗari, rabin santimita a zagayen kai. Bai hana saƙar kwanciya ba. Abin da kawai zai ɓata shi ne rabon mafici, da yake kowane mafici ido shida yake ci, kuma tsallake uku sau ɗaya ya biya wannan. Daga zagayen mafici na farko ƙirgen ya koma daidai, ba zai sake tasowa ba. Da ido uku ne suka yi yawa, ni ma sai in ce a warware ko a rarraba su wurare uku, don in aka tara su wuri ɗaya saƙar za ta tsuke a nan a gani.

Amma Maman Sadik tana da gaskiya a abu ɗaya. Ya kamata Kaka ta nuna mata yadda za ta kauce masa. Rufewar zagaye tana barin wani ɗan kwantaccen zare dab da sarƙar hawa, kamanninsa ɗaya da ido. Ni abin da nake sa ɗalibaina shi ne su rataya guntun zare mai wani launi a kan dogon ƙarshe na kowane zagaye. In sun zagayo suka saƙa a kansa, sun gama, duk abin da ke gaba ba nasu ba ne. Tsohuwa marar gani za ta iya sa ƙaramin fil, ta ji shi da yatsa.

Malam Bashir:
Na fahimci bayanin Hajiya, amma ai da bakinta na fahimta, ba daga labarin ba. Mai karatu irina ba shi da Hajiya a kusa. Ina nan a kan bakana.

Firdausi:
Yaya Rukayya, ni labarin na bi ina saƙawa tun jiya da dare, da kwarashi milimita 3 kamar yadda Anti ta ce. Na kai mafici sha shida lafiya. Amma na maƙale a farkon zagaye mai huji. Na rufe a kan gajeren farko, ina cikin kwari ke nan, labarin kuma ya ce gajere a kan tsakiyar mafici. Ta yaya zan hau can? In na ja zaren kai tsaye yana miƙewa a kan maficin, ba kyan gani.

Rukayya:
Ƙanwata, kin faranta mini rai da kika gwada. Na tsallake wannan a labarin don kada ya yi nauyi. Tunda kina cikin kwari, daga kwarin za ki fara: yi sarƙa biyar. Ukun farko su ne dogon kwarin, biyun kuma su ne gadar da za ta kai ki tsakiyar mafici, inda za ki sa gajere a kan dogo na uku. Ki ci gaba har ki zagayo, sarƙa biyu ta ƙarshe, ki rufe a kan ta uku cikin biyar ɗin nan.

Zagayen mafici na gaba kuma a kan dogayen kwari yake zama, gajerunsa a kan gajerun baya. Da yake kina tsaye a kan dogo, rabin mafici za ki fara da shi: sarƙa uku da dogaye biyu a wurin. In kin zagayo ki ƙara dogaye biyu a ramin nan ɗaya, ki rufe a kan sarƙa ta uku, ya cika biyar. Shi ya sa mafican suke fitowa a karkace, kowane ɗaya a tsakanin biyun da ke ƙasansa.

Firdausi:
Ya yi! Sau nawa zan maimaita?

Rukayya:
A hannuna mafici da mai huji tare suna ba da wajen santimita 2, na yi su sau biyar, gefen ya zama santimita 10. Amma ki riƙa gwadawa a kai, ki tsaya in ta taɓa saman kunne. Ki ƙare da zagaye mai huji, bakin ya fi miƙewa. Gajerun baki: ɗaya a kan gajere, biyu a cikin gada, ɗaya a kan dogo, biyu a cikin gada. Za ki koma 96, kunnen ɓera 24.

Anti Hajara:
Firdausi, ki kula da sarƙoƙi biyun nan. Yawancin masu koyo sarƙarsu ta fi dogonsu matsewa, sai gefen hular ya tsuke a hankali, a gama ta ƙi shiga kai alhali saman daidai yake. Bayan zagaye huɗu ki sa hannu biyu a ciki ki buɗa, ki auna da tef. In ya gaza santimita 50 da nisa, sassauta sarƙar ko ki yi zagayen hujin da kwarashi milimita 3.5.

Ummi:
Na karanta yanzu har ƙarshe. Ni dai tambayata, da Kaka ta tsaya a ƙeya ta jima, daɗi ta ji ko haushi?

Rukayya:
Ummi, ban yanke ba. Zan gyara zaren, in bar siririn a kwando kamar yadda Anti ta ce, in ƙara fil ɗin da Kaka za ta maƙala bayan ta gano idon ƙaryar. Maganar Malam Bashir kuma ina juya ta. Ina tunanin in sa Kaka ta shimfiɗa saƙar a gwiwa ta danna da tafi kafin ta ce a bar shi, kamar yadda ta yi a karon farko, a ga wannan karon ta kwanta. Malam, hakan zai isa, ko har yanzu sai ta yi magana?

Malam Bashir:
Rubuta shi mu gani tukuna.

Firdausi:
Anti Hajara, na auna, 47 ne. In warware daga zagayen hujin farko, ko in canja kwarashi daga nan?